Kaji 200, riba ta ɓace: a wace gaɓa kuɗin ke zurarewa?

Ka taɓa ganin abokinka ya cika WhatsApp da hotunan fararen kajinsa, bayan wata biyu ka ji shiru? In ka tambaye shi sai ya ce abinci ne ya yi tsada. Da gaskiyarsa, don abinci ke lashe wajen kashi biyu cikin uku na kuɗin kiwon buroila. Amma tun ranar da ya fara ya san farashin buhu. Abin da bai yi ba shi ne bin kazar gaɓa-gaɓa, daga ƙyanƙyasa har hannun mai saye, yana rubuta abin da kowace gaɓa ta ci. Zo mu yi lissafin tare.

A ce kana Gumel, ka yi odar 'yan tsaki 200. Farashin nan na misali ne, kai ka sa na yau. Kowane ɗan tsako naira 1,000, ka ga 200,000. Kaza ɗaya na cin kusan kilo huɗu da rabi a sati shida, wato buhu 36 mai kilo 25. A kan 22,000 kowane buhu, 792,000 ke nan. Rigakafin Gumboro da Lasota, gawayi, buntun shimfiɗa da kuɗin mota daga Kano, mu sa 108,000. Jimla miliyan ɗaya da dubu ɗari. In ka sayar da kowace 7,000, ribarka a takarda 300,000 ce.

To, gaɓa ta farko ita ce mutuwa, kuma ba yawanta kaɗai za ka duba ba, har da lokacinta. Yawancin 'yan tsakin nan daga wajejen Ibadan suke tasowa, su sauka Kano, sannan su ƙaraso gare ka a galabaice. Wanda ya mutu a satin farko, dubu ɗaya da 'yan kai ya tafi da ita. Amma kazar da ta mutu a sati na shida ta riga ta cinye abincin kusan 4,000. Su kuma manyan ne zafin Afrilu ke kayarwa a nan, lokacin da rana ke haura digiri 40. In ka ga suna haki, baki buɗe, fukafukai a saki, ƙararrawa ce. A ce 20 sun tafi a haka. Saura 180, cinikinka ya koma miliyan ɗaya da dubu 260, riba ta sauko 160,000.

Gaɓa ta biyu ita ce wadda ba a cika gani ba, domin babu gawa a ƙasa. Kaji sun kai, mai saye bai zo ba. A wannan girman kowace na cin wajen giram 200 a rana. Kaji 180 sun ci kilo 36, kusan buhu ɗaya da rabi, wato kimanin 31,700 kullum. Kasuwar Maigatari kuwa ta mako ce, ranar Alhamis. In ciniki bai faɗa ba sai wata Alhamis, ga haɗarin dawo da cuta gida in ka mayar da kajin da suka yini a kasuwa. Satin nan ɗaya ya ci kusan 222,000. Ka ga ribar 160,000 ta koma faɗuwar 62,000.

Za ka ce ai sun ƙara nauyi a satin. Haka ne, kusan rabin kilo ma. Amma dillali da mai gashi da hannu suke jinjina kaza, ba da sikeli ba, kuma sun san kai ne a matse. Wanda ke Gagarawa ko Sule Tankarkar ya fi jin wannan a jika, don masu ɗaukar kaji da yawa lokaci guda sun fi yawa a manyan garuruwa, kuɗin kai musu kuma daga aljihunsa zai fita.

Kafin ka sake yin oda, nemi mai saye tukuna, ku tsayar da rana, in da hali ku yi ciniki a kan kilo. In Sallah kake hari, ƙirga sati shida baya daga ranar sayarwa. Sayi ƙaramin sikeli, duk sati ka auna kaji goma. Raba kilon abincin da garken ya ci da nauyin garken duka. In amsar ta haura 2 a sati na shida, duba ko suna zubar da abinci, ko ɓera na taya su, ko abincin ne ba shi da kyau.

Sannan ka ɗauki littafin nan na naira ɗari biyu, ka ja layi biyar: 'yan tsaki, abinci, magani, mutuwa, sayarwa. A zubi na gaba, shi zai nuna maka layin da ke yoyo.