Yadda ake rage cin wurin bidiyon kyamarorin tsaro ba tare da an rasa shaida ba

Kyamarar tsaro ba ta gajiya da ɗauka, amma faifan da ake zuba mata bidiyon yana cika. Idan ya cika, na'urar naɗa bidiyo takan goge mafi tsufa domin ta sami wurin sabo, kuma ba ta tambayar kowa kafin ta yi hakan. Shi ya sa mai shago zai lura da ɓatan kaya bayan mako uku, ya je neman hoton ranar, ya tarar an daɗe da rubuta wani a kansa. Mafi yawan abin da ya ture wancan hoton ba komai ba ne illa sa'o'i na ƙofa a rufe da fili babu kowa. Dabarun rage cin wuri guda biyu ne, kuma tare suke aiki: a zubar da sassan da babu motsi a cikinsu, sannan a ƙayyade kwanakin da kowane irin bidiyo zai yi kafin a goge shi.

Lissafin yana farawa ne daga yawan bayanan da kyamara ke fitarwa a kowace daƙiƙa, wanda ake aunawa da megabit. Megabit ɗaya a daƙiƙa, idan aka yi ta ɗauka dare da rana, yana cin gigabayit 10.8 a kwana. Kyamara mai kaifin 1080p da ke matse bidiyo da tsarin H.264 ana yawan saita ta a wajen megabit 4, wato gigabayit 1.8 a sa'a, ko 43.2 a kwana. A ɗauki misalin shagon sayar da kaya mai sito a baya, da kyamarori takwas irin wannan da faifai mai terabayit 4. Kyamarorin za su ci gigabayit 345.6 kullum, faifan kuma ya cika cikin kwana goma sha ɗaya da rabi. Idan a ƙarshen wata ake ƙirga kaya, to kusan kashi biyu cikin uku na watan sun tafi kafin a san akwai abin dubawa.

Gano motsi a irin waɗannan na'urori ba wani abu ne mai zurfi ba. Na'urar tana kwatanta hoton yanzu da wanda ya gabata, ta ƙirga yawan ɗigon hoton da suka canza, idan sun wuce iyakar da aka sa mata sai ta ce an yi motsi. Ana amfani da wannan hukunci ta hanyoyi biyu, kuma bambancinsu ya fi duk wani saiti muhimmanci. A hanya ta farko, wadda aka saba gani a na'urorin Hikvision da Dahua, na'urar ba ta rubuta komai a faifai sai ta ga motsi. A ta biyu, ana naɗar komai tukuna, daga baya a bi a tsince sassan da babu motsi a zubar. Manhajar Frigate, alal misali, tana yanka bidiyo gutsi-gutsi na daƙiƙa goma, ta yi wa kowane gutsi alamar ko an ga motsi ko mutum a cikinsa, sannan ta goge bisa wannan alama idan wa'adi ya cika. Ta farko ta fi tsimi, amma idan na'urar ta kasa ganin motsi, abin ya wuce ke nan har abada. Ta biyu tana barin 'yan kwanaki da za a iya komawa a ga komai, kuma ita ce ta fi dacewa da duk wurin da ake ajiye kuɗi ko kaya masu tsada.

Ko wace hanya aka bi, ba a yanka bidiyo daidai kan motsin. Kafin na'ura ta tabbatar an yi motsi, mutum ya riga ya yi taku biyu ko uku, kuma sau da yawa a waɗannan takun ne fuskarsa ta fi fitowa. Don haka na'urar takan riƙe 'yan daƙiƙun baya a ƙwaƙwalwarta ta wucin gadi, ta haɗa su a gaban abin da ta ajiye. A allon saiti ana ganin wannan da sunan Pre-record, na bayan motsi kuma Post-record. Daƙiƙa 5 a gaba da 15 zuwa 30 a baya sun wadatar a yawancin wurare. Na bayan ya fi bukatar tsawo, domin wanda ya tsaya cik yana kallon makulli ba ya motsi a idon na'ura, kuma idan aka gajarta sai ziyara guda ta tsinke zuwa gutsattsari da giɓi a tsakani.

Akwai wata iyaka da ta fito daga yadda ake matse bidiyo. Ba kowane hoto ake ajiyewa cikakke ba. Ana ajiye cikakke guda, galibi duk bayan daƙiƙa ɗaya zuwa huɗu, sauran kuwa bambancin da aka samu ne kawai. Yankan da ba a sake matse bidiyon ba dole ya fara daga cikakken hoto, in ba haka ba farkonsa zai fito toka-toka ko a dagule. Mai son ciro wani yanki da hannu yakan yi amfani da umarni irin wannan:

```
ffmpeg -ss 00:14:05 -i sito.mp4 -t 40 -c copy yanki.mp4
```

Wannan yana kwafo kimanin daƙiƙa 40 daga wajen minti na 14, ba tare da taɓa ingancin hoton ba, kuma yana ja baya zuwa cikakken hoton da ya fi kusa. Idan aka tsawaita tazarar cikakkun hotuna don tsimin wuri, yankan ma yana rage daidaito.

Yanzu a koma shagon nan da tsarin ajiya mai hawa-hawa. A ce an duba mako guda an ga kyamarar wurin karɓar kuɗi da ta ƙofar shiga kowacce tana ganin motsi na sa'a 10 a rana, uku na cikin shago sa'a 8 kowacce, uku na sito da bayan gini kuma sa'a ɗaya-ɗaya. Jimilla sa'a 47 ke nan cikin 192 da kyamarori takwas ke ɗauka a kwana, wato gigabayit 84.6. A bar kashi goma cikin ɗari na faifan babu komai a kai, saura gigabayit 3,600. Hawa na farko shi ne a riƙe komai na kwana 3, wanda zai ci kimanin 1,040. Ragowar 2,560 za ta ɗauki bidiyon motsi na ƙarin kwana 30. Faifan da ke cika a kwana goma sha ɗaya ya koma yana riƙe kwana 33, ba a sayi komai ba. Hawa na uku shi ne na abin da aka tabbatar yana da amfani, kamar sata ko rigima da mai saye: a kulle shi a na'urar don kada a goge, a kuma kwafe shi zuwa wani wuri dabam, tunda ɓarawon da ya san aikinsa yakan tafi da na'urar kanta.

Wannan lissafi ya ɗauka cewa kowace sa'a nauyinta ɗaya. Idan an saita kyamara ta riƙa rage bayanai lokacin da hoto ya tsaya, sa'o'in da ake zubarwa dama marasa nauyi ne, don haka ribar ba za ta kai wadda aka lissafa ba. Hanyar sanin gaskiya ita ce a duba abin da faifan ya ci a zahiri cikin mako guda, a raba bakwai.

Abin da ya fi rusa wannan tsari shi ne motsin ƙarya, kuma da dare ya fi yawa. Fitilar da kyamara ke haska duhu da ita tana jawo ƙwari, su kuma suna jawo gizo-gizo, zaren yana guda ɗaya a gaban gilashi kuwa ya isa ya sa na'ura ta kwana tana naɗa. Ruwan damina da ƙurar hunturu suna walƙiya a wannan haske kamar ana watsa gari. Ga fitilun motoci da ke share bango, ga inuwar reshen bishiya, ga tsalle da hoto ke yi duk lokacin da aka ɗauke wuta aka tayar da janareto. Ganewa ba ta da wuya: a buɗe jadawalin bidiyon jiya a dubi kyamarar sito. Idan daga magariba zuwa asuba layin a cike yake babu yankewa, to ba motsi take gani ba, kuma babu tsimin da ake yi. Gyaran yana farawa da goge gilashi da share yana, sannan a zana wa na'urar wuraren da za ta yi watsi da su, kamar titi da saman bishiya. Raba fitilar daga jikin kyamarar yana janye ƙwarin zuwa gefe. Na'urorin da ke iya bambance mutum da mota daga sauran motsi suna rage matsalar sosai, ko da yake sukan kasa gane wanda ya duƙa ko wanda kaya suka kare rabin jikinsa.

Kuskuren da ya fi wannan haɗari shi ne a gaji da ƙararrawar ƙarya a rage ƙarfin ganin motsi fiye da kima. Wanda ke tafiya a hankali a can nesa, cikin duhu, ɗigo kaɗan yake canzawa, sai na'ura ta ɗauke shi a matsayin ba komai. Motsin ƙarya wuri kawai yake ci, wannan kuwa shaida yake ɓatarwa, kuma babu alamar da zai bari. Saboda haka duk lokacin da aka taɓa saiti, sai wani ya bi ta gaban kowace kyamara da rana da kuma dare, a hankali, ta gefen da ya fi nisa, sannan a tabbatar an ajiye shigarsa da fitarsa.

Ƙa'idar gogewa kuma ta dogara ne kacokan ga agogon na'ura. Idan ƙaramin batirin da ke riƙe agogon ya mutu, ɗauke wuta na iya mayar da kwanan wata baya da shekaru, sai bidiyon ya ɓace daga inda ake nemansa, ko a goge shi tun wa'adinsa bai yi ba da zarar agogon ya dawo daidai. Haɗa na'urar da NTP, tsarin daidaita lokaci ta intanet, da sa mata batirin riƙe wuta, suna magance wannan. A na'urorin Hikvision, Expired Time ne ke ƙayyade kwanakin ajiya, Overwrite kuma ke ba da izinin rubutu kan tsohon bidiyo. Idan aka kashe Overwrite, na'urar za ta daina naɗa da zarar faifai ya cika. Idan kuma faifan ya cika kafin wa'adin da aka rubuta, cikar ce ke yin hukunci, ba wa'adin ba.

Tsawon wa'adin ba abin da za a kwaikwaya daga maƙwabci ba ne. Ana auna shi da tsawon lokacin da matsala ke ɗauka kafin ta bayyana a wurin: gidan da ake kwana a ciki kullum mako ɗaya ko biyu sun ishe shi, shagon da ke ƙirga kaya wata-wata yana bukatar fiye da kwana 30. Ta ɗaya ɓangaren, hoton fuskar mutum bayanin sirrinsa ne, kuma dokar kare bayanan jama'a ta Nijeriya ta 2023, kamar takwararta ta Tarayyar Turai, ta tanadi kada a riƙe irin waɗannan bayanai fiye da yadda bukata ta sa. Ma'aikata ko kasuwancin da ya rubuta wa'adinsa yana kuma bin sa ya fi samun kariya a kan wanda ke tara bidiyon shekara ba dalili. Tabbatar da cewa tsarin yana aiki kuwa abu ne na minti biyu: sau ɗaya a wata a nemo bidiyo mafi tsufa na kowace kyamara a ƙirga kwanakinsa, idan bai kai wa'adin da aka tsara ba, a fara bincike daga kyamarar da ta fi cin wuri da dare.