Minti Uku na Godiya Ranar Buɗe Rumbun Muryoyin Dattawa

Ranar da al'umma ta buɗe rumbun ajiyar muryoyin dattawanta, hakimi zai yi magana, malamai za su yi addu'a, sannan a miƙa wa shugaban aikin lasifika ya gode wa 'yan sa kai. Minti uku sun ishe shi, muddin ya san abin da yake godiya a kai.

Yawancin mahalarta suna zaton aikin bai wuce kunna rakoda gaban tsoho ba. Shi ya sa mai jawabin da ya san aikinsa yakan ɗauki kaset guda ya bi tarihinsa. A ce kaset ne mai minti 90 da aka tsinta a akwatin wani gida. Kwafe shi zuwa kwamfuta zai ci minti 90 cur, domin gaggawa tana ɓata sauti, kuma sai wani ya zauna yana saurare ko zaren zai sarƙe. Rubuta abin da ke ciki ya fi wuya: awa ɗaya ta magana takan ci awa shida zuwa takwas, wato wannan kaset kaɗai zai cinye awa 9 zuwa 12 na wani matashi. In tsohuwar ta yi ƙasa da murya, ko ta ambaci sunayen garuruwan da suka zama kufai, sai an koma gidan an tambaya. Bayan nan wani ya rubuta sunanta da ranar hirar da wurin, ya adana shaidar amincewarta, ya ajiye kwafi uku, ɗaya a wani gini daban saboda gobara da ambaliya.

Waɗannan mutane ya kamata a kira da suna, kowa da aikinsa, bayan an fara da dattawan da suka ba da muryoyinsu da addu'a ga waɗanda suka riga mu gidan gaskiya.

Mata 'yan sa kai sun cancanci ambato na musamman. Tsakanin 1949 da 1950 Mary Smith ta zauna da Baba ta Karo a ƙasar Zazzau tana rubuta tarihin rayuwarta da hannu, littafin ya fito a 1954. Da namiji ne, da wuya ya ji labarin aure da kishiya da ƙawance yadda ta ji shi. Har gobe haka abin yake: gidan da aka rubuta "ba shiga" a zaurensa, mace ce ke shigar da rakoda.

Kuskuren da aka fi yi shi ne a ƙarar da lokaci wajen jero manyan baƙi, a dunƙule ma'aikatan cikin "da sauransu". Wani kuma, a zumuɗinsa, sai ya tsakuro labarin da mai shi ya ce kada a fitar sai bayan ransa. Don haka duk wanda aka ɗora wa wannan jawabi ya duba takardun amincewa kafin ya miƙe, ya kuma riƙe jerin sunayen a rubuce.