Layi biyu da ɗalibi ke fara gani kafin ya shiga shafin jami'a

Ɗalibin da ke Kano ko Maraɗi, in yana neman digiri na biyu a Ingila, ba ƙofar jami'a yake fara gani ba. Abin da ke fara zuwa idonsa shi ne jerin sakamakon Google: shuɗin take, sai layi biyu na bayani a ƙarƙashinsa. Wannan ɗan bayanin wani lokaci daga wani rubutu yake fitowa da masu gina shafi ke ɓoyewa a cikin kan shafin, wanda ake kira `meta description`. Mai karanta shafin ba ya ganinsa, injin bincike ne ke ɗauko shi ya nuna.

Tun a 2009 Google ya bayyana cewa wannan rubutu ba ya cikin abubuwan da yake aunawa wajen tantance shafin da zai zo sama. Aikinsa ɗaya ne: ya sa mutum ya latsa, ko ya wuce. Wurin kuma ƙanƙane ne. A kwamfuta, abin da ya haura haruffa 155 zuwa 160 sai a datse shi da ɗigo uku. A waya, wadda da ita yawancin ɗalibanmu ke bincike, datsewar na iya zuwa tun wajen haruffa 120. Ainihin ma'aunin faɗin rubutun ne a fuskar na'ura, shi ya sa adadin ke ɗan motsawa.

A nan jami'o'i da yawa ke yin asara. Sai ka ga an cinye rabin wurin da yabon kai: jami'a mai tarihi, malamai ƙwararru, makoma mai haske. Ɗan ƙasa zai iya haƙuri da wannan, domin ya riga ya san garin, ya san watan da ake buɗe karatu, ya san kuɗin da irinsa ke biya. Wanda ke waje bai san ko ɗaya ba, kuma tambayoyinsa na kuɗi ne da biza. Shekara nawa? Sai na je, ko daga gida ake yi? Yaushe ake farawa? Takardar Turancin da nake da ita za ta shiga?

A ce wata jami'a a Ingila tana da shafin kwas ɗin kiwon lafiyar al'umma da ta ware wa masu nema daga Afirka ta Yamma. Ga yadda bayanin zai iya kasancewa:

```html
<meta name="description" content="MSc Public Health, 1 year on campus in England. September start. IELTS 6.5 or WAEC English accepted. See international fees and deadlines.">
```

Haruffansa ba su kai 140 ba, kuma ko waya ta datse wutsiyar, amsoshi huɗun nan sun riga sun fito. Sunan kwas ya zo farko saboda shi ɗalibi ke rubutawa a bincike, Google kuma yakan kaurara kalmomin da suka dace da abin da aka nema. An rubuta sunan wata, ba sunan yanayi ba, domin “kaka” ta Turawa ba ta gaya wa mutumin Zinder komai. Ambaton WAEC na da nauyi: jami'o'in Birtaniya da dama suna karɓar sakamakon Turanci na WAEC a madadin IELTS, kuma jarrabawar IELTS ba arha ba ce. Amma sai in da gaske jami'ar na karɓa, ba a sa shi don ado.

Kuɗin makaranta fa? Ni a ganina a bar adadin a cikin shafi. A Birtaniya kuɗin ɗan ƙasa daban, na baƙo daban, kuma yana sauyawa kusan kowace shekara. Bayanin da aka manta ba a sabunta ba zai ci gaba da tallata kuɗin bara, iyaye su yi lissafin canji a kansa.

Wani abin da ke ba masu shafi mamaki shi ne Google ba dole ya nuna abin da suka rubuta ba. In ya ga bayanin bai amsa tambayar mai bincike ba, ko an kwafe jimla ɗaya an liƙa wa kwasa-kwasai hamsin, sai ya tsinto wani yanki daga cikin shafin, wani lokaci ma guntun jadawali mara kai. Gane hakan ba wuya: a nemi sunan kwas ɗin a waya, a kwatanta abin da ya fito da abin da aka rubuta. `Search Console` kuma yana nuna sau nawa shafi ya bayyana da sau nawa aka latsa, har ƙasa-ƙasa. In shafin na bayyana sosai a Nijeriya amma masu latsawa kaɗan ne alhali yana sahun gaba, take da bayanin ne abin fara dubawa.

Sannan ɗalibai a WhatsApp suke tura wa juna adireshin kwas, kuma ɗan bayanin da ke fitowa a can daga `og:description` ake fara ɗauko shi. Wanda ya gyara na Google ya bar wannan, tsohon rubutun ne zai ci gaba da yawo a zaurukan masu neman tallafin karatu.