Tunin Bashi Hawa-Hawa: Daga Gaisuwa Zuwa Takardar Ƙarshe

A Kasuwar Singa ta Kano, kamar a Kantin Kwari ko Dawanau, kaya masu yawa kan fita ne a kan amana. A loda wa mutum mota, a rubuta masa takardar kaya, ya ce “sai ƙarshen wata,” a yi musabiha a rabu. Bahaushe ya ce bashi hanji ne, yana cikin kowa, don haka ba da kaya bashi ba abin zargi ba ne. Inda gizo ke saƙa shi ne ranar da wa’adi ya cika ba a ga kuɗi ba. Wani ɗan kasuwa kunya za ta hana shi magana har wata uku, sai ran da tura ta kai bango ya kira waya yana faɗa, ya rasa kuɗin ya kuma rasa abokin ciniki. Maganin wannan shi ne tuni hawa-hawa, kowane mataki da ranarsa da harshensa da abin da ake nema da shi.

Mu ɗauki misali. A ce wani dilan fulawa ya kai wa gidan burodi buhu 30 ranar 3 ga Maris, kowane buhu naira 50,000, jimilla naira 1,500,000. Mai burodi ya ba da 500,000 nan take, aka yi yarjejeniya zai cika ragowar miliyan ɗaya cikin kwana 30, wato ranar 2 ga Afrilu. Idan ribar dilan a kowane buhu naira 1,500 ce, to in wannan miliyan ta maƙale sai ya sayar da buhu sama da 660 kafin ya mayar da ita. Wannan lissafin kaɗai ya isa ya nuna cewa kuɗin da ake jin kunyar tambaya jari ne, ba riba ba.

Tuni ba ya tafiya daidai sai an gyara tushe tun ranar da kaya suka fita. Takardar neman biya ta ƙunshi lambarta, kwanan wata, adadin kaya, abin da aka biya, abin da ya rage, ranar biya, da lambar asusun da za a tura kuɗi. Wanda ya karɓi kaya ya sa hannu. “Ƙarshen wata” da “bayan salla” ba rana ba ne, domin kowa da yadda yake lissafa su. Ba abin kunya ba ne a nemi Alhaji ya sa hannu, tunda ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur’ani, ta 282 a Suratul Baƙara, umarni ne da rubuta bashi da ajalinsa da kuma kafa shaidu.

Mataki na farko tuni ne kawai, kuma ana gina shi a kan kyautata zato. Kwana biyu ko uku bayan wa’adi, a ce 5 ga Afrilu, dilan ya tura saƙon waya: “Salamu alaikum Alhaji, ya kasuwa, ya iyali? Ina tuni ne a kan takarda mai lamba 214 ta fulawa buhu 30. Ragowar naira 1,000,000 ce, ranar biya kuma 2 ga Afrilu. Ga hoton takardar da lambar asusu. In an riga an turo, a sanar da ni in duba. Na gode.” Babu zargi a ciki, amma adadi da rana da hanyar biya duk sun fito fili. Mutane da yawa a nan suke biya, domin mantuwa ce, ko takardar ta shige cikin wasu, ko yaron shago bai isar da ita ba. Kuskuren da aka fi yi a wannan mataki shi ne gaisuwa zalla: “Alhaji, kwana biyu, na ce bari in ji lafiyarka.” Mai bashi ya gane nufinka sarai, amma ka ba shi damar ya amsa gaisuwa ya kashe waya.

In mako ya shuɗe shiru, mataki na biyu kira ne ko takawa da ƙafa, kuma aikinsa bincike. Masu jinkirin biya ba iri ɗaya ba ne. Akwai wanda yake da ƙorafi a kan kayan, akwai wanda ya shiga matsi da gaske, akwai kuma mai taurin bashi, wanda yake da kuɗin amma yana juya su a wani ciniki. Tambaya ɗaya ke bambanta su: “Alhaji, akwai wata matsala ne a kan kayan ko takardar? Wace rana zan sa ran kuɗin?” Daga nan sai ka yi shiru ka saurara. Mai ƙorafi zai faɗi abin da ke damunsa. Mai matsi zai faɗi dalili, ya kuma kawo abin da zai iya bayarwa ko da kaɗan ne. Mai taurin bashi ba ya yanka rana; yau ya yi tafiya, gobe banki ba sabis, jibi wayarsa na hannun yaro.

A misalinmu, ranar 12 ga Afrilu mai burodi ya ce buhu uku sun zo a jiƙe, kuma masu sarin burodinsa ma sun riƙe masa kuɗi. Dilan ya aika aka duba, aka tarar gaskiya ne, ya cire naira 150,000, bashi ya koma 850,000. Suka shirya biya kashi uku: 350,000 ranar 16 ga Afrilu, 250,000 ranar 23, sai 250,000 ranar 30. Kafin rana ta faɗi dilan ya tura saƙo yana maimaita abin da suka tsayar, ya nemi Alhaji ya amsa da “na yarda.” Wannan amsar tana da daraja ƙwarai, domin amincewa ce a rubuce cewa akwai bashin da kuma adadinsa. Sassaucin da aka yi masa ma yana da tushe: aya ta 280 a surar ta Baƙara ta yi umarni a jinkirta wa wanda yake cikin ƙunci, yayin da hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito ya bayyana jan ƙafar mawadaci a matsayin zalunci. Sanin a wane ɓangare mutum yake shi ne amfanin wannan kiran.

Mai burodi ya biya kashin farko, ranar 23 kuma aka ji shiru, saura naira 500,000. Saɓa alkawarin da mutum ya yanka da bakinsa shi ke buɗe mataki na uku. A nan harshe ya bar hira ya koma takarda mai sa hannu: a jero tarihin bashin, abin da aka biya, alkawarin da aka saɓa, a ba da sabuwar rana ta kusa, kamar kwana bakwai. A nan ne kuma ake tsayar da ba da kaya bashi, a faɗa masa da ladabi cewa daga yau sai dai kuɗi hannu har a rufe tsohon lissafi. Dilan da ke ci gaba da loda wa mai tsohon bashi kaya don tsoron kada ya koma wani shago, ramin kansa yake ƙara zurfafawa. A wannan mataki kasuwanninmu suna da wata hanya mai ƙarfi, wato shigo da dattijo: wanda ya haɗa ku tun farko, ko uban ɗakinsa, ko shugaban ƙungiyar ’yan kasuwa. Mutum ɗaya ko biyu sun isa, a zauna a asirce. Mutumin da zai iya share saƙon waya goma ba ya iya kallon idon uban ɗakinsa ya ce babu rana.

In duk wannan bai yi ba, sai takardar ƙarshe. Gajeriya ce, ba gaisuwa mai tsawo, ba zagi. Ta 7 ga Mayu za ta iya cewa: “Wannan ita ce sanarwa ta ƙarshe a kan ragowar naira 500,000 na takarda mai lamba 214. Mun tunatar ranar 5 da 12 da 25 ga Afrilu. Idan kuɗin ba su shiga asusunmu zuwa ranar 21 ga Mayu ba, za mu shigar da ƙara kotu ba tare da wata sanarwa ba.” A kai ta hannu da hannu, wanda ya karɓa ya sa hannu a kan kwafi, a kuma tura hotonta ta waya. Sharaɗinta ɗaya ne: ta zama ta ƙarshe da gaske. Wanda ya aika “takardar ƙarshe” sau uku ya koya wa mai bashi cewa maganarsa iska ce. Kada ka rubuta kotu sai ka shirya zuwa kotu.

Zuwa kotun kuwa ya yi sauƙi fiye da da. Legas ta buɗe kotunan ƙananan basussuka a 2018, Kano da wasu jihohi suka biyo baya. An tsara su ne yadda mutum zai iya tsayawa da kansa ba lauya, ana kuma son a kammala shari’a cikin kwana 60. Abin da suke fara nema shi ne shaidar cewa an aika wa wanda ake bi takardar neman biya. A nan ne takardar kaya mai sa hannu, da saƙon “na yarda,” da kwafin sanarwar ƙarshe suke zama hujja. Kotun Shari’ar Musulunci ma tana sauraron irin wannan ƙara tsakanin Musulmi. Kada kuma a bar bashi ya tsufa, domin a jihohi da dama doka na rufe ƙofar ƙara bayan shekara biyar ko shida.

Akwai iyakokin da fushi ba ya halatta a tsallake. Kai mai bashi wurin ’yan sanda ya zama ruwan dare, amma Dokar ’Yan Sanda ta 2020 ta hana kama mutum saboda bashi ko saɓa yarjejeniyar ciniki kawai, kuma wanda aka tsare yana iya juyowa ya nemi diyya. Baza hotonsa a WhatsApp, ko kiran surukansa, ko tura matasa su kwashe masa kaya, duk suna iya mayar da mai gaskiya wanda ake ƙara. Ƙara masa wani abu a kan bashin saboda jinkiri kuma, ga Musulmi, riba ce da addini ya haramta.

A misalin nan, daga cikar wa’adi zuwa ƙarshen sanarwa kwana 49 ne kacal, kuma a kowane mataki an bar wa mai burodi ƙofar da zai fita da mutuncinsa. Ɗan kasuwa, buɗe littafin bashinka yau, ka rubuta gaban kowane suna ranar da wa’adinsa ya cika da matakin da ka kai. Wanda ranarsa ta wuce ba ka ce masa komai ba, tura masa saƙon farko kafin ka rufe shago.