Fiyano da Kwamfuta: Tsohuwar Waya Mai Ƙusa Biyar Ko USB?

Wayar MIDI ba ta ɗaukar sauti. Saƙo kawai take kaiwa: wane maɓalli aka danna, da wane ƙarfi, yaushe aka sake shi. Manhajar kwamfuta ce ke mayar da saƙon ya zama kiɗa. Haka tsarin yake tun 1983, lokacin da ya fito bisa haɗin gwiwar su Dave Smith na kamfanin Sequential Circuits da Ikutaro Kakehashi na Roland.

Tsohuwar waya mai ƙusa biyar hanya ɗaya take bi, shi ya sa ake samun kafar MIDI OUT da ta MIDI IN a bayan fiyano. Kwamfuta ba ta da irin wannan kafa, sai an sa 'yar na'ura a tsakani. Ƙa'idar ita ce OUT na fiyano ya shiga IN na na'urar. Idan an danna maɓalli fitilar na'urar ba ta ƙyafta ba, a fara da musanya kawunan biyu, domin yawanci a nan kuskuren yake. Na'ura mai arha kuma takan zubar da saƙo. Idan saƙon sakin maɓalli ya ɓace, sai sautin ya maƙale yana ta kuka.

USB ta fi sauƙi, don waya ɗaya ce ke kaiwa ta kawo, har takan ba ƙaramin fiyano wuta. A kan Yamaha PSR, kafar da ake nema ita ce USB TO HOST. Ta USB TO DEVICE ta filashi ce.

Amma akwai inda tsohuwar ta yi zarra. A cikin kafar IN akwai ɗan ƙanƙanin abu da ke miƙa saƙon ta hanyar haske, don haka lantarkin na'urorin biyu ba ya cuɗanya. USB kuwa haɗa su take yi kai tsaye. A ce fiyano da kwamfuta duk suna jone da miksa ɗaya, ga kuma USB a tsakaninsu. Sai wutar ta sami zagaye, lasifika ta kama gurnani ko tsuwa. Gwajin ba shi da wuya: a zare USB, idan ƙarar ta ɗauke to an kama ɓarawon. Wani lokaci cire cajar kwamfutar ma yakan rage ta. Maganin shi ne a koma wa mai ƙusa biyar, ko a sa na'urar da ke raba lantarkin USB.

Idan kuwa sauti yana jinkiri bayan an danna maɓalli, kada a zargi tsohuwar waya. Saƙon dannawa ɗaya kusan kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa yake ci. Jinkirin daga manhaja yake fitowa, a can za a rage adadin Buffer Size, misali daga 1024 zuwa 128.