Ingausa a Bakin 'Yan Ofis: Yadda Ake Rubuta Hirar da Ta Haɗa Hausa da Turanci

Ingausa ita ce gauraya Hausa da Turanci a magana ɗaya, kuma ofisoshin birane irin Kano, Kaduna da Abuja suna cikin wuraren da aka fi jin ta. Dalili kuwa a fili yake: takardun aikin gwamnati da na banki a Nijeriya da Turanci ake rubuta su, alhali masu aikin da Hausa suke gaisawa, da ita suke cinikin kasuwa. Marubucin labari ko na fim ɗin Kannywood da ya kafa fagensa a ofis sai ya san yadda harsunan biyu suke raba aiki a bakin ma'aikaci, in ba haka ba hirar ta fito kamar karatun allo.

Da farko, ba kowace kalma mai asalin Turanci ce Ingausa ba. Ofis, fayil, kwamfuta, masinja da darakta sun daɗe da zama Hausa, wanda bai taɓa shiga aji ba ma da su yake magana. Gauraya tana farawa ne inda mai magana ya ɗauko abin da sai mai jin Turanci zai gane.

Gaurayar tana da ƙa'ida. Masaniyar harshe Carol Myers-Scotton ta bayyana a 1993 cewa a irin wannan magana harshe ɗaya ne yake riƙe ginin jimla, ɗayan kuwa kalmomi kawai yake zubawa a ciki. A ofishin Kano, Hausa ce mai riƙe ginin. Ga misalin hira tsakanin darakta da akawunsa, an rubuta Turancin yadda yake fita a baki:

"Ranka ya daɗe, barka da asuba. An tashi lafiya?"

"Lafiya lau. Ina fayil ɗin kwangilar nan?"

"Yallaɓai, na yi sabmitin ɗinsa tun ran Litinin. Famsek ne bai yi afrubin ba."

"Dis is not aseftabul. Kwana huɗu fayil yana kwance?"

"Sori sa. Wallahi ya yi tafiya Abuja ne, a yi mini haƙuri zuwa gobe."

Darakta ya juya wajen tsohon masinja. "Baba, don Allah a kawo mana shayi."

Akawun bai ce "na sabmit" ba, domin Bahaushe ba ya manna aikatau na Turanci kai tsaye a bayan "na" ko "ya". Yakan sa "yi" a tsakani, ya mayar da kalmar Turancin tamkar suna, shi ya sa ake jin "na yi sabmitin" da "bai yi afrubin ba". Korewar ma ta Hausa ce, da "bai" a gaba da "ba" a ƙarshe. Haka nan "ɗin" ne yake ɗaura baƙuwar kalma a jikin jimla. Marubucin da ya tsallake waɗannan ƙananan kalmomi, kunnen mai sauraro zai kama shi nan take, ko da bai iya faɗin abin da ya ɓaci ba.

Abin da ya fi nahawu ma'ana shi ne wurin da kowa ya sauya harshe. Gaisuwa da Hausa aka yi ta, don da wuya a buɗe safiya da babba ba tare da ita ba. Kalmomin aiki sun zo da Turanci saboda haka suke a takarda. Jimla ɗaya ce cikakkiya ta Turanci a duk hirar, kuma darakta ne ya yi ta lokacin da ransa ya ɓaci: ya ajiye zumunci, ya yi magana da bakin kujerarsa. Akawun ya amsa da gajeren Turanci don nuna ya ji, sannan ya koma Hausa, domin rantsuwa da neman afuwa a nan suke da nauyi. Masinja kuwa ba a yi masa Turanci ko kaɗan ba, an ma kira shi Baba saboda furfurarsa duk da ƙanƙantar muƙaminsa. Ba tare da bayanin marubuci ba, mai karatu ya san wane ne sama, wane ne ƙasa.

Kuskuren da aka fi yi shi ne a sa mutum ya faɗi magana da Turanci sannan ya maimaita ta da Hausa don kada mai kallo ya ɓace. Ma'aikatan da suke jin harsunan biyu ba sa fassara wa junansu. Mafita ita ce amsar abokin hira ta fito da ma'anar, kamar yadda ban haƙurin akawun ya nuna faɗa aka yi masa. Wani kuskuren shi ne a ba kowa Turanci daidai wa daida, alhali matashiyar da ta gama bautar ƙasa bara da akawun da ya kusa ritaya ba gauraya ɗaya suke yi ba. Idan kuma ofishin a Maraɗi ko Damagaram yake, Faransanci ne zai hau gurbin Turanci, Hausa ta ci gaba da riƙe jimlar.