Littafi ya ƙi zama a waya? Ga yadda ake mayar da PDF zuwa EPUB

Duk wanda ya taɓa karanta littafin PDF a ƙaramar waya ya san wahalar. Rubutun ƙanana ne kamar ƙwayar gero. Ka buɗa shi da yatsu biyu, rabin layi ya ɓace. Ka ja hagu, ka ja dama, kafin ka kai ƙarshen shafi ido ya yi ja.

Laifin ba na wayar ba ne. Kamfanin Adobe ya fito da PDF a 1993 domin takarda ta fito iri ɗaya a kowace na'ura, don haka kowane harafi a kafe yake a gurbinsa. Faɗin takardar A4 santimita 21 ne, fuskar waya kuwa ba ta cika wuce bakwai ba. Shi kuwa EPUB kamar ruwa yake, kowane mazubi ya samu sai ya ɗauki siffarsa. In ka ƙara girman haruffa, layukan da kansu suke sake jeruwa.

Kafin komai, gwada littafin. Buɗe shi, ka danna yatsa a kan kalma ɗaya ka riƙe. In kalmar ta haskaka, akwai rubutu na gaske a ciki. In ba ta haskaka ba, hoton shafuka aka ɗauka, kuma juya shi ba zai ba ka komai ba sai tarin hotuna.

A ce littafin labari ne na Hausa mai shafi 200, ya kuma ci wannan gwaji. Manhajar da aka fi dogara da ita ita ce Calibre, wadda Kovid Goyal ya ƙirƙira. Kyauta ce, amma a kwamfuta take aiki. Danna Add books ka shigar da littafin, sannan Convert books, ka zaɓi EPUB a gurbin Output format, ka danna OK. Bayan ta gama, kada ka yi gaggawar turawa waya. Buɗe shi ka duba abu uku.

Na farko, karyewar layi. PDF bai san sakin layi ba, layuka kawai ya sani, saboda haka Calibre kintace take yi wajen haɗa su. In ka ga jimla ta tsinke a tsakiya ta faɗa sabon layi, koma sashen PDF input. Akwai Line un-wrapping factor, wanda yake kan 0.45. Rage shi kaɗan, misali zuwa 0.35, layuka za su ƙara haɗewa. In kuma maganar mutum biyu ta cakuɗe a sakin layi guda, to ɗaga shi za ka yi.

Na biyu, sunan littafi da lambar shafi da ke saman takarda ko ƙasanta. Sukan kutso tsakiyar labari, kana cikin karatu sai ka ci karo da 47 tsirara. Ana share su a sashen Search & replace.

Na uku ya fi shafar mu, wato haruffa masu lanƙwasa. Littattafan Hausa da dama an buga su da tsofaffin salon haruffa waɗanda suka ari gurbin wasu alamomi. A PDF ƙ da ɗ suna nan lafiya lau, amma da an juya sai ka ga `}asa` a maimakon ƙasa, `wa]anda` a maimakon waɗanda. Gyaran ba wuya. Danna Edit book, ka nemi `}` ka musanya da ƙ, ka nemi `]` ka musanya da ɗ, ka zaɓi All text files, sannan Replace all. Haka za ka yi wa ɓ da manyan haruffan, bayan ka gano alamar da ta tsaya a madadin kowanne.

Akwai littattafan da bai kamata a taɓa su ba. Mai jadawali da lissafi, da mai rubutu a ginshiƙi biyu kamar jarida, da na Larabci ko ajami, yawanci a hargitse suke fitowa. Irin waɗannan, da masu hoton shafi, gara a bar su a PDF ɗinsu, a kwantar da waya a karanta, ko a buɗe su da KOReader, wadda ke iya yanka shafi ta sake jera shi daidai faɗin fuskar waya.

Wanda ya gyaru kuwa, tura shi waya ka buɗe da ReadEra ko Moon+ Reader, ka daidaita girman rubutu yadda idonka yake so. Ka dai adana PDF ɗin na asali, domin lambobin shafinsa ba sa bin littafi zuwa EPUB, kuma ranar da za ka kafa hujja da shafi kaza, gare shi za ka koma.